Layin ƙasa na Excel ko fomula: wanne za ka yarda da shi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ke riƙe da lissafin gudummawar wata-wata ta ƙungiyarmu a Excel. Wani ya nuna mini cewa in na zaɓi lambobi, jimilla tana fitowa a can ƙasan allo ba sai na rubuta fomula ba. To amma jiya abin da ƙasan ya nuna daban, abin da =SUM ya ba ni daban. Wanne ne daidai, kuma wanne ya kamata in riƙa amfani da shi?"

Wa alaikumus salam, Malam ma'aji. Ina kyautata zaton duka biyun daidai suke, tambayar da kowanne ya amsa ce ta bambanta. Layin ƙasa yana lissafa abin da ka zaɓa kuma idonka yake gani a lokacin. Ita fomular SUM tana lissafa duk gidajen da ka ambata mata, ko suna bayyane ko suna ɓoye.

Da zarar ka ja maus ka zaɓi gida biyu ko fiye masu lambobi, Excel zai nuna abu uku a ƙasa ta hannun dama: Average, wato matsakaici, da Count, da Sum, wato jimilla. In gidajen ba a jere suke ba, ka danne Ctrl ka riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu ukun da suke a kashe sai ka kunna su da kanka. Ka danna maɓallin dama na maus a kan layin, jerin Customize Status Bar zai fito, sai ka sa alama a Numerical Count da Minimum da Maximum. Na farkon kada ka bar shi a kashe, za ka ga dalili yanzu.

Mu ɗauka mutum takwas ne, kuɗinsu yana B2 zuwa B9, haka: 5000, 5000, 3000, 5000, sai gida ɗaya babu komai, sai 2000, sai 0, sai 4000. Wannan 4000 ta ƙarshe an kwafo ta ne daga wani wuri, ta shigo a matsayin rubutu, ba lamba ba. In ka haɗa da ka, 24,000 za ka samu. Amma in ka zaɓi gidajen takwas, layin ƙasa zai ce maka Sum 20000 ne. Ita ma wannan fomular 20000 ɗin za ta ba ka:

```
=SUM(B2:B9)
```

A nan jirgi ɗaya ya kwaso su, dukansu sun tsallake 4000. Bambancin shi ne fomula ta yi shiru, lamba kawai ta ajiye maka, shi kuwa layin ƙasa ya bar maka sawun ɓarawo. Count zai nuna 7, domin shi duk gidan da ba fanko ba yake ƙirgawa, ko suna ne a ciki. Numerical Count kuma zai nuna 6, domin lambobi na gaskiya kaɗai yake ƙirgawa. Duk lokacin da ka zaɓi jerin kuɗi zalla ka ga biyun nan sun saɓa, to akwai rubutu da ya yi shigar lamba. Ka duba wadda ta jingina a hagun gida alhali sauran suna dama, sau da yawa da ɗan koren tabo a kusurwarta. Ka taɓa alamar gargaɗin da ke gefenta ka zaɓi Convert to Number, jimilla ta koma 24000. In kuwa ka zaɓi jeri ka ga Count kaɗai ya fito, babu Sum babu Average, to ko dai duka rubutu ne, ko akwai gida mai kuskure irin #N/A a ciki.

Matsakaici ma yana da nasa tarkon, kuma shi ma bai bambanta tsakanin hanyoyin biyu ba. Bayan gyaran nan Average zai nuna kusan 3428.57, wato 24000 raba 7. Wanda aka rubuta masa 0 an ƙirga shi, wanda aka bar gidansa fanko an yi kamar ba ya cikin ƙungiya. In abin da kake son faɗa wa taro shi ne nawa kowane mamba ya bayar a matsakaici, sai ka sa 0 a fankon, ka sami 3000 cif. Wannan shawarar taka ce, Excel ba zai yanke maka ba.

Inda suke rabuwa da gaske, kuma nan nake zargin abin ya same ka jiya, shi ne wajen Filter. A ce a C ka rubuta hanyar da kowa ya biya, hannu ko banki, kuma uku ne suka biya ta banki: 5000, 3000, 5000. Ka tace ka bar 'yan banki kaɗai, ka zaɓi kuɗinsu. Layin ƙasa zai ce 13000, domin bai san da layukan da suka ɓuya ba. SUM kuwa tana nan a kan 24000, ba ruwanta da tacewa. In kana son fomula da za ta bi tacewa kamar yadda layin ƙasa yake yi, ga ta:

```
=SUBTOTAL(9,B2:B9)
```

In da hannunka ka ɓoye layuka da Hide, ka sauya 9 zuwa 109, domin 9 tana ci gaba da ƙirga waɗanda aka ɓoye da hannu. Ka ajiye ta a sama, kamar E1, inda tacewa ba za ta haɗiye ta ba.

Akwai kuma kuskuren da na sha yi da kaina: in danna harafin B a sama don in zaɓi jerin gaba ɗaya, na manta akwai jimilla a B10. Sai layin ƙasa ya haɗa kuɗin da jimillarsu, in ga 48000 ina ta murna. Duk sanda adadi ya ninka daidai wa daida, nan za ka fara dubawa.

Raunin layin ƙasa shi ne ba ya zama. Kana taɓa wani gida ya ɓace, ba ya fita a takarda in ka buga, kuma wanda ka tura wa fayil ba zai ga abin da ka gani ba. A sabon Excel na Microsoft 365 kana iya danna adadin ya kwafu, amma lamba ce sandararriya za ka liƙa, gobe wani ya biya ba za ta motsa ba. In kuma Google Sheets kake buɗewa a kwamfuta, abu ɗaya yake nunawa a kusurwar dama ta ƙasa, yawanci Sum, sai ka danna shi sauran su fito.

Don haka jimillar da za ka karanta a gaban taro ko ka miƙa wa shugaba, ka rubuta mata fomula. Layin ƙasa kuwa na lokacin da wani ya kira ka a waya ne yana tambayar nawa 'yan banki suka tura, da kuma binciken fomular kanta. Ka koma fayil ɗin jiya, ka je Data ka danna Clear don cire tacewa, ka sake zaɓar gidajen. In adadin biyu suka haɗu, Filter ne. In har yanzu sun saɓa, ka danna fomular sau biyu ka ga iyakar da ta zagaye, wataƙila ta tsaya a B9 alhali sabon mamba yana B10.