Shutter Encoder ya ceci aikin biki a kan tsohuwar kwamfuta, amma ku tanadi wurin ajiya

Kwamfutar irin wadda kowa ya sani ce a Yamai: ta hannu, tsohuwar Core i5 zubi na 6, RAM giga 8, SSD giga 256. Aikin kuma bidiyon biki ne daga unguwar Bukoki, awa 3, an ɗauka da waya a 4K, firam 30, H.265 mai bit 10. Da na zuba shi a manhajar montaji sai hoto ya dinga sarƙewa, murya tana gaba, amarya tana baya, fanka na kuka kamar injin niƙa.

Ƴan'uwa masu montaji, a nan yawancinmu muke kuskure. Sai mutum ya ce fayil ɗin ne ya yi nauyi, ya rage bitiret, ya sake fitar da shi a H.265, kuma abin bai canza ba. Ai ba girman fayil ke wahalar da kwamfuta ba, irin matsin ne. H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane firam cikakke. Suna ajiye guda ɗaya, sannan waɗanda ke biye su zama bambanci kawai. In ka ja zuwa tsakiyar bidiyo, dole furosesa ta koma baya ga cikakken firam ta sake gina duk na tsakani kafin ta nuna maka ɗaya. Ga shi kuma Intel zubi na 6 bai da cikakken sashen warware H.265 mai bit 10, sai daga zubi na 7 aka sa shi. Nauyin duka a kan furosesa yake.

Shutter Encoder manhajar sauya nau'in bidiyo ce, kyauta, a kan FFmpeg aka gina shi. Na jefa fayilolin ciki, na zaɓi Apple ProRes, nau'in LT, na sauke girma zuwa 1920x1080, na tsayar da firam a 30. Wallahi ban zaci bambancin zai kai haka ba. Kwamfutar da ke numfashi da ƙyar ta koma tana bin yatsa, ka ja gaba ka ja baya babu tsayawa, har da gyaran launi a kai. Dalili shi ne a ProRes kowane firam cikakke ne da kansa, ba a neman na baya. Muryar ma ta daidaita, don waya tana sauya yawan firam yayin ɗauka, musamman in haske ya ragu da dare, shi ya sa baki da magana ke rabuwa bayan ƴan mintuna. Tsayar da shi ya kashe wannan matsala. Amma kada ku ce tunda kyamarorinmu a firam 25 muke sa su, bari a mai da 30 zuwa 25. Za a zubar da firam 5 a kowace daƙiƙa, rawar ƴan mata ta dinga tsalle.

To, sai dai farin cikin bai kai yamma ba. ProRes LT a wannan girma yana cin kusan 102 Mbps, wato wajen giga 46 a awa. Awa 3 giga 138 ke nan, fiye da rabin SSD. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka bitiret da 0.45, a samu gigar awa ɗaya. Na juya aikin zuwa diskin waje da na saya a kasuwa, sai ga shi kowane dogon fayil yana mutuwa wajen minti 5. Ashe mai shagon ya ba ni shi a FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, bai ko faɗa mini ba. Har yanzu abin yana ci mini rai, don sai da na kwashe komai, na mai da shi exFAT, na sake farawa cikin zafin Afrilu, lokacin da kwamfuta ke rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

A zagaye na biyu na sauka zuwa ProRes nau'in Proxy: kusan 45 Mbps, giga 20 a awa, 60 gaba ɗaya. Santsin montaji ɗaya ne. Illarsa a ido take: zanen shadda da leshi suna ɗan dushewa, don haka ba a fitar da aikin ƙarshe daga gare shi, sai an sake haɗa asalin fayilolin. Shi ya sa kada a taɓa sunayensu. Wanda aikinsa bai wuce awa ɗaya ba ya tsaya a LT ya fitar kai tsaye, ya fi kwanciyar hankali.

A kuma duba kafar da aka soka diskin. USB 2.0 da ƙyar take wuce megabait 35 a daƙiƙa, LT guda yana cin kusan 13. Kyamara uku a jere, sarƙewa ta dawo, ka zauna kana zargin kodek alhali kafar ce. Kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki, ake nema.