Sharhi: garin kiriyatin da nake sha a Legas, da yadda na tantance shi kafin in biya kuɗi

Robar da nake amfani da ita yanzu mai giram 300 ce, farin gari ne marar ɗanɗano, kuma abu ɗaya tak aka rubuta a jerin abubuwan da ke ciki: Creatine Monohydrate, wato kiriyatin, sinadarin da masu motsa jiki ke sha don ƙara wa tsoka ƙarfi. Na sha ta har ta kusa ƙarewa, kuma idan ta ƙare irinta zan sake saya. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin a Legas suna ba ya kare kowa. Roba mai suna iri ɗaya za ka same ta a babban kantin magani a Ikeja, ka same ta a wurin mai talla a waya, ka same ta a shimfiɗe a Idumota, kuma ba lalle ba ne abin da ke cikinsu ya zama ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne in nuna yadda na duba ta.

Ranar da na saye ta tare muke da ƙanena, wanda ke ɗaga ƙarfe a wani ɗan gidan motsa jiki a Agege. Mai kantin ya ajiye mana roba biyu. Ta farko babba ce, giram 500, da hoton ƙato mai murɗaɗɗen damtse a gaba, kuɗinta naira 30,000. Ta biyu ita ce wannan ƙarama mai giram 300, ba ta da wani ado, amma naira 36,000. Ƙanena bai tsaya dogon tunani ba, ya ce, "Yaya, ai wannan ba sai an yi shawara ba. Ga babba, ga araha." Na ce masa ya juya bayanta mu gani.

A bayan kowace roba akwai ɗan teburi, kuma layi biyu ne suka fi muhimmanci a cikinsa. Na farko shi ne Serving Size, wato nauyin garin da ɗan cokalin cikin robar ke ɗauka. Na biyu shi ne yawan kiriyatin ɗin da ke cikin wannan cokalin. A babbar robar, cokali ɗaya giram 10 ne, amma kiriyatin giram 3 ne kawai a ciki. A ƙasa kaɗan, inda aka rubuta Carbohydrate, akwai giram 6. Jerin kayan haɗin kuwa ya fara ne da Maltodextrin, sai Dextrose, sannan aka zo kan kiriyatin a na uku. A al'adar rubuta irin wannan jeri, abin da ya fi yawa shi ake fara sawa. Na farkon garin sitaci ne da aka sarrafa, na biyun kuma sukarin gulukos ne. Ba guba ba ne, amma ba su ka zo saya ba.

Sai muka yi lissafi a waya a gaban mai kantin. Giram 500 idan aka raba shi giram goma-goma, cokali 50 ke nan. Kowane cokali giram 3, jimilla giram 150 na kiriyatin a duk robar. Naira 30,000 a kan giram 150 ya kama naira 200 kowane giram. Ƙaramar kuwa cokalinta giram 5 ne, kiriyatin giram 5, babu sitaci babu sukari, saboda haka giram 300 ɗin duk abin da ake nema ne, kowane giram naira 120. Wadda ake ganin ta fi tsada ita ce mai arahar. Daidai yake da nonon da aka yi wa algus da ruwa: ƙwaryar ta cika, amma nonon da ke ciki bai kai rabi ba. Mai ciwon sukari kuma, ko mai neman rage tumbi, ban da wannan asarar, kullum yana shan sukarin da bai sani ba.

Ita wannan babbar robar aƙalla ta faɗi gaskiya a bayanta. Wadda na fi gudu ita ce mai rubutun Proprietary Blend. A nan kamfani zai haɗa kiriyatin da wasu abubuwa huɗu ko biyar, ya ba ka nauyinsu gaba ɗaya, ya ɓoye rabon kowanne. Sau da yawa za ka ga Taurine ko Glycine a ciki, dukansu farin gari ne. Idan ba a faɗa maka giram nawa ne kiriyatin shi kaɗai ba, ba ka da hanyar sanin ko kana samun giram 3 zuwa 5 da ake bukata a rana. Ni dai da na ga wannan rubutun nake mayar wa mai kanti robarsa.

Akwai kuma masu sunaye masu ƙyalli, irin su Creatine HCl da Ethyl Ester, ana cewa sun fi shiga jiki. Mafi yawan binciken da aka yi shekara da shekaru a kan Monohydrate aka yi shi, kuma ba a nuna cewa sauran sun fi shi aiki ba, sai dai sun fi shi kuɗi. Na ruwa da na alawa kuwa suna da tasu matsalar, domin kiriyatin idan ya daɗe cikin ruwa, musamman mai tsami ko mai zafi, yakan rikiɗe ya zama kiriyatinin, wanda ba ya yi wa tsoka komai sai dai jiki ya fitar da shi ta fitsari. Ka tuna irin zafin da kaya ke sha a kwantena kafin su bar Apapa.

Duk wannan karatun yana da iyaka, domin mai buga jabu ma ya iya buga takarda mai kyau. Nan ne gwajin da wasu daban suka yi, ba kamfanin da kansa ba, yake shigowa. Tambari biyu ne aka fi sani. Informed Sport na wani ɗakin gwaji ne a Birtaniya mai suna LGC, kuma suna gwada kowane zubi don neman haramtattun ƙwayoyin da ke sa a dakatar da ɗan wasa. NSF Certified for Sport na Amurka ne, su kuma ban da haramtattun ƙwayoyi suna duba ko abin da aka rubuta a jikin roba shi ne a ciki. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai saye ya kamata ya san wanne ne ke amsa tambayarsa.

Tawa tana ɗauke da tambarin Informed Sport. Ganin tambari kawai bai gamsar da ni ba, tunda hoto ne, kowa na iya manna shi. A gindin robar akwai lamba da aka buga da baƙin tawada kusa da ranar lalacewa, an rubuta Batch a gabanta, wasu kuma Lot suke rubutawa. Na buɗe shafin masu tambarin, na nemi sunan kayan, na ga jerin lambobin da suka gwada, lambar tawa tana ciki harafi da harafi. Wannan aikin bai kai minti biyar ba. Da kayan ba ya cikin jerinsu sam, da na san tambarin na bogi ne. Da kayan yana nan amma lambar ba ta fito ba, da sai in dakata, in tura wa kamfanin hoton gindin robar in ji ta bakinsu. Na kuma shafa lambar da yatsa. Idan ka ga an liƙa wata 'yar takarda a kan ranar lalacewa, ko tawadar ta yi dishi-dishi kamar an goge an sake bugawa, ajiye ta.

Mutane da yawa a nan lambar NAFDAC suke nema, kuma daidai ne a neme ta, domin tana nuna cewa an yi wa kayan rajista a Najeriya. Amma rajistar kaya daban, gwajin wannan zubin da ke hannunka daban. Haka ma sunan Creapure da ake gani a wasu robobi: sunan kiriyatin ne da kamfanin AlzChem ke yi a Jamus, an san shi da tsabta, amma yana faɗa maka inda garin ya fito ne kawai, idan har robar ta gaskiya ce. Wasu masu sayarwa kuma za su turo maka takardar sakamakon gwaji ta waya. Duba abu biyu a jikinta: sunan ɗakin gwajin, da ko lambar zubin ta yi daidai da ta robarka. Takardar wani zubin na bara ba ta ce komai a kan na bana ba.

A gida, da na cire murfi, liƙin ciki yana nan bai motsa ba. Garin fari ne fat, ba ƙamshi, a harshe kuma kusan ba ɗanɗano sai ɗan gardi kamar rairayi mai laushi. Na zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofin ruwan sanyi na juya, sai ga wani ɓangare ya kwanta a ƙasa. Ƙanena ya ce, "Yaya, anya ba alli suka sa ba?" A'a. Lita guda ta ruwa marar zafi kusan giram 14 kawai take iya narkarwa, saboda haka giram 5 ba zai narke duka a ƙaramin kofi ba. Ka ƙara ruwa, ko ka yi amfani da mai ɗumi, zai ɓace. Wanda ya kamata ya ba ka tsoro shi ne wanda aka ce tsantsa ne amma ka ji zaƙi, ko ruwan ya yi kauri yana danƙo. Wannan gwajin na gida alama ce kawai, ba ya kama Glycine kaɗan ko wata ƙazantar masana'anta.

Game da halasci, kiriyatin na kasuwa haɗa shi ake yi daga sinadarai, ba daga nama ake tatso shi ba. Inda tambaya take shi ne na ƙwanso, domin ɓawon ƙwanson kan zama Gelatin, wanda ake iya samowa daga saniya ko alade. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na tsaya kan gari.

Yadda ya yi mini: giram 5 nake sha kullum, ban bi tsarin nan na shan giram 20 kowace rana a makon farko ba, tunda ko ba a yi shi ba tsoka takan cika cikin mako uku zuwa huɗu. Wajen ƙarshen watan farko na ga ina iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a zagayen ƙarshe, nauyina ya ɗan hau saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, cikina kuma bai taɓa damuna ba. Iyakar abin ke nan, wanda ke jiran ya wayi gari ya zama ɗan dambe zai ji haushi.

Ƙorafina biyu ne. Cokalin cikin robar ba daidai yake ba: da na auna shi a ƙaramin sikelin kicin, a shafe giram 4 ya ɗauka, sai an ɗan tula shi yake kai 5. Sannan laimar Legas ba ta raga masa, da damina garin ya fara dunƙulewa. Dunƙulewar ba lalacewa ba ce, amma a rufe murfi da kyau, a bar 'yar jakar da ke tsotse laima a ciki, kada kuma a sa jiƙaƙƙen cokali.

Mai ciwon ƙoda, ko wanda ke shan maganin da ke taɓa ƙoda, ya fara ganin likita kafin ya saya. Wanda kuma za a yi wa gwajin jini ya gaya wa likitan cewa yana shan kiriyatin, domin yakan ɗan ɗaga kiriyatinin a sakamako, kuma da wannan lambar ake auna aikin ƙoda.