Kafin a sayi rigar dalma, a tambayi inda mai sa ta zai tsaya

Idan asibiti ya sayi injin hoton tiyata mai siffar baka, wanda ma'aikata ke kira si'am, abu na gaba da ake rubutawa a takardar sayayya shi ne rigunan dalma. Yawanci akan ce a kawo guda shida, duk iri ɗaya, masu kauri. Ni kam ba na sa hannu a irin wannan takarda sai na shiga ɗakin tiyatar na ga wurin da kowa ke tsayawa, domin likitan ƙashi da ke jikin gado da mai ɗaukar hoto da ke bayan injin ba haɗari ɗaya suke ciki ba.

Hasken eksire da ke samun ma'aikaci ba daga bakin injin yake zuwa kai tsaye ba. Daga jikin mara lafiya yake fantsamowa. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne, a nisan mita 1 daga mara lafiya, abin da ke isowa kusan kashi 1 cikin 1,000 ne na abin da ya sauka a fatarsa. Sannan idan ka ninka nisa, hasken yana raguwa zuwa rubu'i; idan ka matso zuwa rabin nisan, ya ninka sau 4.

Mu ɗauki aikin sa ƙarfe a karayar cinya. A ce fatar mara lafiya tana karɓar miligire 10 a minti, miligire kuwa ma'aunin hasken da jiki ya sha ne, kuma an taka fedar injin na minti 3 gaba ɗaya. A mita 1, abin da ya fantsamo zai kai maikirogire 30, kuma maikirogire 1,000 ne miligire 1. Likitan da ke tsaye a rabin mita zai sami 120. Mai ɗaukar hoto a mita 2 zai sami 7.5 kacal. Idan ana yin irin wannan aiki sau 200 a shekara, na likita ya kai wajen miligire 24, na mai hoto kuma 1.5. Lissafi ne na misali, injin da ƙibar mara lafiya suna canza shi, amma bambancin ninki 16 tsakanin mutanen biyu daga tazara kawai ya fito. Iyakar da hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ICRP, ta sa wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara 5, kuma a irin wannan haske miligire da milisibat sun yi kusa da juna har za a iya kwatanta su. Ka ga likitan ne ke buƙatar kaya masu kyau.

Yanzu kaurin riga. A jikin kowace riga akwai lamba da ke nuna kwatankwacin kaurin dalmar da take wakilta: 0.25 mm Pb, ko 0.35 mm Pb, ko 0.5 mm Pb. Mutane suna ɗauka cewa ta 0.5 ta ninka ta 0.25 kariya. Ba haka abin yake ba. Ta 0.25 ta riga ta tare kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ya fantsamo a ƙarfin da aka saba aiki da shi. Ƙarin kaurin yana cin ragowar ne kawai, alhali nauyi yana ninkawa. Dalma tsantsa mai kaurin rabin milimita, idan ta rufe murabba'in mita 1, ta kai kilo 5.7, ban da robar da aka cuɗa ta da ita da yadin da aka lulluɓe. Wanda ya ɗauki wannan a kafaɗa awa 4 a cikin zafin Afrilu, ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi aiki, ya san abin da nake faɗa. Ƙarshen irin wannan riga shi ne a rataye ta, a shiga aiki haka nan.

Saboda haka ɗinkin rigar ya fi kaurinta damuna. Akwai mai rufe gaba kaɗai, wadda ake ɗaurewa ta baya. Ita ce mafi arha da sauƙin sawa, kuma ta wadatar ga wanda kullum fuskarsa na kallon gado, ko mai riƙe yaro a ɗakin hoto na ɗan lokaci. Amma nas mai kai-komo, wadda ke juyawa ta ɗauko kayan aiki, bayanta a buɗe yake duk sanda ta ba gado baya. Akwai kuma doguwa mai zagaye jiki, wadda ta rufe gaba da baya amma ta ɗora nauyin duka a kafaɗa, sai dai idan tana da ɗamara mai faɗi. Ta uku ita ce mai gida biyu, falmaran da siket. Siket ɗin yana zama a ƙugu, sai nauyin ya rabu. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ita ma irin wannan take ba da shawara ga masu aikin hoto mai motsi: yadi na 0.25 da ke haɗewa riɓi biyu a gaba ya ba da 0.5, baya kuma ya tsaya a 0.25. Ga likita da nas mai miƙa masa kaya, wannan zan saya ba tare da dogon tunani ba.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma dillalai ba sa faɗa. Idan an rubuta 0.5 a jikin falmaran, a tambaya: kowane ɓari ne 0.5, ko sai an haɗe biyun? Idan na haɗewa ne, kuma aka ba mai jiki rigar da ta yi masa kaɗan, ɓarin biyu ba za su hau juna sosai ba, wani sashen ƙirjinsa 0.25 kawai ke kansa. Idan kuma ta yi wa mace yawa, bakin hammata yana buɗewa, gefen nono ya fito fili, kuma nan ne daidai inda haske ke shiga idan ta tsaya a karkace. Shi ya sa ba a sayen riguna shida girma ɗaya. A auna mutane tukuna, kamar za a kai wa tela. Tsawon ya sauka har gwiwa.

Batun riguna marasa dalma fa? Ana yin su da kuza, ko antimoni, ko bismat, ko tangstin, kuma sun fi sauƙi a jiki. Matsalarsu ita ce kariyarsu tana canzawa da ƙarfin haske. Riga tana iya cika 0.35 a kV ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin da aka saita injin, ta gaza a wani. Wasu ƙarafan ma, idan haske ya buge su, suna fitar da nasu ɗan hasken ta ɓangaren jiki, kuma tsohuwar hanyar gwaji ba ta kama shi. Don haka masu kyau ake yin su hawa biyu, ƙarfe mai nauyi a ciki yana shanye abin da na waje ya fitar. Abin dubawa shi ne lambar jikin rigar ta ambaci ma'aunin gwaji na duniya, IEC 61331 na 2014, ta kuma nuna tsakanin kV nawa zuwa nawa aka gwada ta. Idan babu wannan, ni na fi yarda da tsohuwar rigar dalma mai nauyi, domin halinta sananne ne.

Mu koma kan likitanmu. A ce rigarsa tana barin kashi 5 cikin 100 su wuce: miligire 24 ɗin nan ya koma 1.2 a ƙarƙashin riga. Madalla. Amma idonsa da wuyansa ba sa cikin riga. A 2011 ICRP ta sauko da iyakar ƙwayar ido daga milisibat 150 zuwa 20 a shekara, bayan an gano yanar ido tana fitowa a ƙasa da yadda ake zato. Ƙara wa rigar kauri ba zai taɓa wannan ba. Kuɗin da za a ƙara don ɗaga riga daga 0.35 zuwa 0.5 gara a sa shi a abin wuya na 0.5 da tabarau na 0.75 mm Pb. Tabarau ya zama mai rufin gefe wanda ya kwanta a kumatu, don likita allo yake kallo, mara lafiya yana ƙasa da gefensa, ta nan hasken ke kutsowa. Safar hannu mai dalma ita ce ta ƙarshe a lissafina. Idan ta shiga cikin hasken, injin yana ganin abu mai duhu sai ya ƙara ƙarfi da kansa, mai ita kuma ya saki jiki yana barin hannu inda bai kamata ba.

Ga mai ba da maganin barci, wanda ke zaune wuri ɗaya a wajen kan mara lafiya, allon dalma mai tayoyi ya fi masa komai, domin yana rufe shi daga ƙafa har kai ba tare da ya ɗauki ko kilo ɗaya ba. Haka labulen dalma da ake rataye wa gefen gado, tunda idan bututun injin yana ƙarƙashin gado, kamar yadda ya kamata, yawancin abin da ya fantsamo ƙafafu yake nufa.

Lokaci kuma ana sayensa ne tun ranar zaɓen injin. A duba ko yana iya ɗaukar hoto a tsittsinke maimakon haske mai zuba ba yankewa, ko yana barin hoton ƙarshe a allo bayan an ɗaga ƙafa, ko yana da fitilar saiti da za a daidaita shi ba tare da an taka feda ba. Idan minti 3 ya koma ɗaya da rabi, miligire 24 ya zama 12, kuma ragin ya shafi kowa a ɗakin har da mara lafiya. Ga injin hoto mai tafiya ɗakunan kwanciya, a auna igiyar maɓallin. Idan ba ta kai mita 2 ba, an ɗaure ma'aikaci kusa da gado ke nan.

Wani abu da ake mantawa a takardar sayayya shi ne maratayi. Na taɓa buɗe kabad a wani asibiti na tarar da riguna huɗu a ninke kamar zannuwan lefe. Daga waje lafiya lau. Da muka sa su ƙarƙashin injin, sai ga fararen layuka a duk inda aka karya ninki, ɗaya ma dalmar ta zame ta taru a ƙasa, kafaɗar yadi ne zalla. Saboda haka a gwada kowace riga ranar da aka kawo ta, kafin a biya dillali, a sa mata lamba, a riƙa maimaita gwajin duk shekara. Wurare da yawa suna yar da riga idan ramin da ke saitin gaɓa mai muhimmanci ya wuce murabba'in milimita 15.

Duk wannan na ɗakin eksire da tiyata ne. Idan sashen zai fara hoton PET, wanda ake yi wa mara lafiya allurar magani mai fitar da haske, kada a kwashi wannan lissafi a kai can. Hasken wurin yana da ƙarfin 511 keV, sai dalma ta kai milimita 4 ko fiye kafin ta rage shi rabi, don haka rigar rabin milimita nauyi kawai za ta ƙara wa mai ita, ta kuma rage masa sauri a gefen mara lafiya. Can kuɗin yana tafiya ne ga kwanson sirinji na tangstin, da dogon hantsaki na ɗaukar kwalba, da tubalan dalma na teburin haɗa magani.