Daga Amurka zuwa gida: a karanta bayan na'ura kafin a jona ta

'Yan'uwa na gida, sallama. Saƙon da ya fi yawa daga wajenku shi ne na kayan wuta: wannan yana son bilenda, wancan dutsen guga, wata kuma injin busar da gashi na ɗakin kitso, duk dai don an ce kayan Amurka na da ƙarko. Ƙarkon gaskiya ne a wasu kayan. Amma mafi yawan abin da ke mutuwa ranar da aka buɗe kwali a Kano ko Maraɗi lafiyarsa ƙalau ya bar nan, wutar da aka ba shi ce ba tasa ba.

Wutar gida a Amurka da Kanada bolt 120 ce. Ta Najeriya da Ghana 230 ce a ƙa'ida, ta Nijar kuma 220, wato kusan ninki biyu. Birtaniya, Faransa, Jamus da Dubai duk suna kan 230, China 220, don haka kayan waɗannan ƙasashe sun dace da wutarmu. Japan ce ta fi kowa ƙasa, bolt 100. Bolt shi ne ƙarfin da wutar ke turowa da shi, kamar matsin ruwa a famfo. Bututun da aka yi don ruwa mai zuwa a hankali, in aka sakar masa matsi biyu, fashewa zai yi.

Ɓarnar ma ta fi ninki biyu. A abin da ke ɗumama, idan bolt ya ninka, zafin da zai fitar kusan sau huɗu yake ƙaruwa. Dutsen guga na nan mai wat 1,000, in aka jona shi a 230, zai nemi ya ja wajen wat 3,700. Shi ya sa ake jin "fat", sai warin ƙonannen roba, wani lokaci ko minti ɗaya ba a yi ba. Akasin haka ba shi da wannan haɗarin: butar lantarki ta gida da aka zo da ita nan ba ta ƙonewa, sai dai a zauna jiran ruwan shayi har a haƙura.

Hanyar sanin abin da na'ura ke ci tana jikinta. A ƙasanta, ko a bayanta kusa da inda waya ta shiga, ko a jikin cajar kanta, akwai ɗan rubutu ƙanana. A nemi layin da ya fara da INPUT. In aka ga haka:

```
INPUT: 100-240V ~ 50/60Hz
```

to ba matsala, a ko'ina cikin duniya za ta yi aiki. Cajar waya, cajar laftof da yawancin injinan aski masu caji haka suke. In kuwa aka ga haka:

```
120V ~ 60Hz 5A
```

to wannan ta Amurka ce zalla, kada ta kusanci soket ɗin gida sai da taransifoma mai rage wuta. Yawanci duk abin da ke ɗumama ko yake da mota, wato injin da ke juyawa, a ciki a wannan rukunin yake: bilenda, dutsen guga, tukunyar dafa shinkafa, firiji, fanka, injin busar da gashi. Talabijin da firinta kuwa ba a yanke musu hukunci da ka, wasu suna karɓar duka biyun, wasu 120 kaɗai, kuma firintar laser ta nan kusan kullum 120 ce. Tsofaffin kwamfutocin tebur suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. A tura shi zuwa 230 kafin a jona, domin da yawa a nan suke mutuwa.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne wajen adafta. Filogin Amurka ƙafafunsa biyu ne fala-fala, wani da ta uku zagayayya. Na Najeriya da Ghana irin na Birtaniya ne, ƙafa uku masu kusurwa, a tsofaffin gidaje kuma akan tarar da mai ƙafa uku zagayayyu. A Nijar na Faransa ya fi yawa, ƙafa biyu zagayayyu. Mutum zai ga filogi ya ƙi shiga bango, sai ya aiki yaro ya sayo adafta, ya shiga daram, sai ya ɗauka an gama. Adafta siffar baki kawai take canzawa. Wutar da ta shiga ta wannan gefe ita ce ke fita ta wancan, bolt 230 cif. Ƙin shigar filogin nan gargaɗi ne, adafta ta kawar da gargaɗin ta bar haɗarin. Haka ma ekistenshan mai ramuka masu karɓar kowane irin filogi, wanda ya cika kasuwanninmu.

Mu ɗauki bilendar nan mai rubutun `120V ~ 60Hz 5A` mu bi ta daki-daki. Da farko a nemi wat nawa take ci. In ba a rubuta ba, a ninka bolt da amfiya, wato lambar da ke tare da harafin A: 120 sau 5, wat 600. Taransifomar da za a saya ita ce mai rage wuta daga 230 zuwa 110 ko 120, masu shago suna ce mata sitef dawun. Kada a sayi mai wat 600 daidai. Mota tana fizgar wuta fiye da ƙima a lokacin tashi, balle in an cika kofin da tattasai da albasa ko jiƙaƙƙen wake na ƙosai, sannan lambar da ake bugawa a jikin taransifomomin kasuwa sau da yawa ta fi ƙarfinsu na gaskiya. A nemi ninki biyu ko fiye, wato 1,500. Firiji kuwa ana ba shi ninki uku, saboda kwamfiresa. A ɗaga taransifomar a ji: ta gaskiya mai wannan girman ƙarfe ce da naɗin waya, kilo da dama, sai an sa hannu biyu. Akwai wata 'yar ƙarama mara nauyi da ake sayar wa matafiya, an rubuta mata wat 1,600 ko 2,000. Wannan yanka wutar take yi kawai, an yi ta don abin ɗumamawa na 'yan mintuna, kuma tana kashe duk na'ura mai allon lantarki a ciki. Wasu sitabilaizoji na gida suna da rami guda da aka rubuta wa 110V. Yana aiki ga ƙananan kaya, amma sau da yawa ba ya ɗaukar cikakken nauyin da aka rubuta a gaban sitabilaizar.

To yanzu a yi lissafi: kuɗin bilenda, kuɗin dako a jirgin ruwa, kuɗin taransifoma, sannan a ɗaure filogin a jikin taransifomar da salatif don kada wata rana baƙuwa ko yarinya ta zare shi ta kai bango. A ganina, bilenda da dutsen guga ba su cancanci wannan wahalar ba. Wanda ke da ɗan'uwa a Landan ko Dubai ya roƙe shi, ko ya shiga Sabon Gari ya sayi mai 230.

Saura lambar nan ta biyu, Hz, wadda ke nuna sau nawa wuta ke kai da komowa a daƙiƙa. Nan 60 ne, gida 50, kuma taransifoma ba ta canza wannan. Bilenda ba ta damu ba, irin motarta ba ta bin wannan ƙidayar. Firiji, injin wanki da fanka sun damu: motar za ta rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa ɗaukar zafi, ga kuma zafin watan Afrilu da wutar da ke zuwa rabi-rabi. Ba ranar farko take mutuwa ba, a hankali take cinye kanta. Alhazai ma su lura: Saudiyya 230 ce amma Hz 60, don haka firiji ko na'urar sanyaya ɗaki ta can a duba ko an rubuta 50/60Hz.

Wanda zai yanke filogin Amurka ya sa na gida, a kan na'urar da ke karɓar 100-240V, ya san launukan sun bambanta. A wayar Amurka baƙa ce mai wuta, fara ce nutural, koriya ta ƙasa. A ta Birtaniya ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Tsofaffin masu gyara da suka saba da ja da baƙi sukan ɗauki baƙar a matsayin nutural, a nan kuwa ita ce mai wutar. Cikin filogi mai ƙafa uku akwai fiyus: amfiya 3 ga ƙananan kaya, 13 ga masu cin wuta sosai. In ya ƙone a sa wani irinsa, kada a naɗa masa zaren waya.

Sai garanti. Abin da ake kira garanti a yawancin shagunanmu shi ne a gwada a gabanka, in ka fita kuma sai yadda mutunci ya yi. A nan abu biyu ne daban. Akwai damar mayar wa shago kaya, galibi cikin kwana 14 zuwa 90 gwargwadon shagon, da rasit. Akwai kuma garantin kamfanin da ya ƙera, galibi shekara ɗaya daga ranar saye. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara biyu, a Birtaniya kuma dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa.

Duk wannan yana da daɗin ji, sai dai kaɗan ne ke tsallake teku. Yawancin takardun garanti na nan sun ce a ƙasar da aka saya kaɗai suke aiki, ko da kamfanin yana da ofis a Legas. Ranakun kuma daga ranar saye suke fara tafiya, kafin kwantena ta iso a fitar da ita daga tashar jirgin ruwa damar mayar wa shago ta wuce. Kuma garanti na aibin ƙira ne. Ba ya biyan abin da aka jona a wutar da ba tasa ba, ko wanda janareta ko dawowar wutar NEPA da ƙarfi ta ƙona, ko wanda ruwa ya shiga, ko wanda mai gyaran bakin titi ya riga ya buɗe. Ƙonannen allo kuwa ba ya ɓuya ga mai dubawa.

Saboda haka mai aikowa ya buɗe kwalin tun a nan, ya jona, ya bar na'urar ta yi aiki kwana biyu ko uku lokacin da mayarwa ke da sauƙi. Ya ɗauki hoton rasit, domin tawadar irin takardar nan gogewa take yi cikin 'yan watanni a wuri mai zafi, ya ɗauki hoton lambar na'urar da ke kusa da S/N, da hoton layin INPUT, ya turo gida kafin kaya su taso. In wayar hannu ce ya tabbatar an rubuta mata "unlocked", wato ba a ɗaure ta da layin kamfani ɗaya ba, kuma ya sani iPhone na Amurka daga 14 zuwa sama ba su da ramin sim, sai eSIM, wato sim marar kati da ake saukewa a cikin wayar. In na'urar 120 ce zalla, ya rubuta "110 KAƊAI" da babban maka a jikin salatif, ya manna a kan filogin kansa, ba a kwali ba, don kwali shi ake fara yarwa.