Sharhina kan group_delay na SciPy bayan na gwada shi da siginar bugun zuciya

Wannan `group_delay` ɗin da ke cikin `scipy.signal`, mai lissafa yawan jinkirin da filta ke sa wa sigina, kyauta ne, kuma gaskiya yana aikinsa, sai dai akwai wurare biyu da zai iya rikita mutum in bai san lissafin da hannu ba. Na yi amfani da shi ne a kan ECG da nake ɗauka da Arduino, samful 250 a sakan, hayaniyar wutar NEPA mai 50 Hz duk ta hau kan siginar. Filtar da na sa mai sauƙi ce, FIR mai lamba biyar, a tara samful biyar na ƙarshe a raba da biyar, shi ke nan. A wannan gudun samful ɗin tana kashe 50 Hz da 100 Hz ƙurmus.

To tambayar ita ce nawa take jinkirta siginar, kuma jinkirin ɗaya ne ga kowace firikwensi? Don shi tsinin nan na QRS, wanda ke fitowa a ECG duk lokacin da zuciya ta buga, ba firikwensi ɗaya ba ne, tarin su ne suka haɗu suka ba da wannan siffar. In masu ƙasa suka makara da samful uku masu sama suka makara da ɗaya, ba za su iso tare ba, tsinin sai ya karkace ko ya ja wutsiya, kamar 'yan amshi ne kowa ya shigo a nasa lokacin. Amma in jinkirin ɗaya ne to siginar duka ce ta matsa gaba, sai ka cire adadin kawai.

Lissafin shi ne τ(ω) = −dφ/dω, wato yadda fes ke gangarowa in firikwensi na hawa. A tawa filtar in ka fitar da samful na tsakiya waje za ka samu H(ω) = e^(−j2ω)·(1 + 2cos ω + 2cos 2ω)/5. Abin da ke cikin baka lamba ce zalla ba ta da j, saboda haka fes ɗin −2ω ne, jinkiri samful 2, wato milisakan 8. Duk FIR da lambobinta suke daidai hagu da dama haka take, (N−1)/2, inda N shi ne yawan lambobin. Ga abin da na buga:

```python
from scipy.signal import group_delay
w, gd = group_delay(([0.2]*5, 1), fs=250)
print(gd[:3], gd[:3]/250)
```

Ya ba ni 2, 2, 2, daidai da na takarda. Amma ka lura da wannan `/250` ɗin, nan ne ƙorafina na farko. In ka ba shi `fs` yana maida `w` zuwa Hz amma `gd` yana nan a samful, ba sakan ba, ga shi kuma su biyun tare suke fitowa, sai mutum ya ɗauka duk an canza. Kai za ka raba da kanka.

Na biyu, ka ce ya lissafa maka a 50 Hz cif, `w=[50]`. A nan H sifili ce, fes ba shi da ma'ana, shi kuma hanyar da yake bi rabawa ce da H ɗin, don haka gargaɗi za ka gani da lambar da ba abin yarda ba ce. Ba laifinsa ba ne sosai, amma in ka ga wani tsini ya fito a zanenka daidai inda filta ke kashe firikwensi kar ka ruɗe, duba 49 da 51 Hz, samful 2 za ka tarar.

Inda ya fi burge ni shi ne filtar da ba ta daidaita ba, na gwada `[1, 0.5]`. A 0 Hz ya ba da 0.333, kuma wannan ana iya tabbatarwa da ka: ninka kowace lamba da matsayinta ka tara, 0×1 + 1×0.5, raba da jimillarsu 1.5. A 62.5 Hz ya sauko 0.2, yana kusantar 125 Hz sai ga shi ya gangara har −1. Lamba biyu kacal amma jinkirin ya ƙi zama wuri ɗaya. Shi wannan na ƙasa da sifilin ba wai filta ta san gaibu ba ne fa, yana fitowa ne a yankin da ta fi danne siginar.

Abin da ba zai gaya maka ba shi ne girma. Filtata jinkirinta miƙe yake sak amma a 25 Hz kusan 0.65 na siginar kawai take bari, shi ya sa tsinin R, wato ƙololuwar QRS, ya ɗan gajarce duk da bai karkace ba. Don haka ni ina buɗe `freqz` a gefe kullum. Kuma in ka ce bari ka ƙara lambobi don yankan ya yi kaifi, 101 misali, to ka sani samful 50 za ka biya, milisakan 200 a gudun nan, in a allo kake kallon bugun kai tsaye za ka ga makarar da idonka.