Gargaɗi ga masu sayen monita na hannu a Jos: ku duba adafta kafin ku yarda an ce monitar ta mutu

Jama'a, abin da ya same ni nake son in faɗa muku, don na tabbata ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Na sayi monita mai inci 27 a wani shago da ke wajen Taminus, don aikin zanen katin biki da nake yi a Unguwar Rogo. A shagon an kunna min ita, hoto tas. Da na kai gida na ga hasken ya yi ƙasa, sai na ƙara shi. Ba a yi minti ashirin ba ta fara ƙyaftawa, can sai ta yi baƙi ƙirin na daƙiƙa biyu ko uku, ta dawo. Haka ta wuni tana yi min.

Na mayar da ita. Mai shagon ko jona ta bai yi ba, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wutar unguwarku ce ta taɓa allon ciki. Gyaran ya fi kuɗinta. Amma don kai ne, kawo in karɓe ta a matsayin kwandem, in ba ka kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka." Wallahi saura kaɗan in yarda, don kowa ya san halin wutarmu.

Allah ya taimake ni na biya wajen ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana gyaran talabijin. Kawu bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya zare kebul ɗin HDMI gaba ɗaya, ya bar monitar da wuta kawai, ya danna maɓallinta ya buɗe jerin saitinta, ya kai haske ƙarshe. Muna zaune ta ɗauke. Ya ce, "Ɗana, kalli ƙaramar fitilar nan ta ƙasa." Ita ma ta mutu, kuma da monitar ta dawo sai da tambarin kamfanin ya sake fitowa, kamar yanzu aka kunna ta. Ya ce wannan alamar wuta ce ke yanke mata. Da kebul ne ko kwamfuta, fitilar za ta zauna a kunne, sau da yawa ma a rubuto maka `No Signal`.

Sai ya juya bayan monitar. An rubuta `19V 1.6A`. A jikin adaftar kuwa akwai wata sabuwar takarda da aka manna mai cewa `19V 2.1A`. Ya sa farce ya ɗaye ta, sai ga rubutun asali a ƙasa: `19V 0.84A`. Wato monitar na iya jan wat 30, adaftar kuma iyakarta wat 16. Idan haske na ƙasa tana iya ɗauka, shi ya sa aka rage shi a shago. Da ka ƙara haske sai ta yi zafi, ta katse wutar don kare kanta, ta sake kamawa. Na taɓa ta, kamar an ciro ta daga murhu. Kawu ya jona wata mai `19V 2.1A` ta gaskiya, monitar ta yi awa huɗu ko gezau.

Ƙa'idar da ya ba ni ita ce, lambar V dole ta zo daidai da ta bayan monita, lambar A kuma ta kai ko ta wuce, kada ta gaza. Kuma don bakin adafta ya shiga ramin ba shi ne ya dace ba. Akwai monitocin da 12V ko 14V suke sha, ka sa musu 19V ka ƙone su da gaske.

In taku tana ɗaukewa amma fitilar na nan a kunne, ku fara da kebul: ku matse shi, ku ari wani ku gwada. Sannan ku duba sau nawa hoton ke sabuntawa a daƙiƙa. A Windows 11 yana `Settings > System > Display > Advanced display`. In yana kan 75Hz ko 144Hz ku sauke shi zuwa 60Hz. Idan ɗaukewar ta tsaya, galibi kebul ɗin ne ya kasa ɗaukar nauyin, allon lafiyarsa lau.

Abin da ya fi ƙona min rai, na koma shagon da adaftar da takardar a hannuna, sai na tarar da wani yaro ɗalibi rungume da tasa monitar, ana karanta masa zancen wutar unguwa, kalma a kan kalma. Na ce ya juya adaftarsa. Takarda iri ɗaya. Ashe su sayar maka, su sake saye a banza, su sake sayar wa wani. Mai shagon ya ce yaronsa ne ya yi kuskure, ya canja mana adaftocin nan take, bai kalle mu ba.

In za ku saya, ku sa a kai haske 100 a gabanku, ku zauna rabin awa a shagon, kuma ku shafa jikin adaftar da yatsa ku ji ko akwai gefen takarda.