Manhajar lissafin kwaɓi ta ce buhu huɗu, katanga ta ci goma

Na sauke manhajar nan ne saboda abu ɗaya da suke tallata ta da shi: ka saka tsawon bango da tsayinsa da girman bulo, ta faɗa maka yawan kwaɓin da kowane murabba'in mita zai ci, da buhunan siminti da yashin da za ka tanada. Har kuɗin cikakken sigarta na biya. Tauraro biyu na ba ta, kuma da a ranar da siminti ya yanke mana na rubuta wannan, ko ɗaya ba za ta samu ba.

Aikin ba wani babba ba ne. Katanga ce mai tsawon mita 32, tsayi mita 2, da gurbin ƙofa na murabba'in mita 4. Manhajar ta cire gurbin ƙofar da kanta, ta ba ni murabba'in mita 60, wannan kam ba ta yi kuskure ba. Bulon mai rami ne, tsawonsa milimita 450, tsayi 225, kauri 225, wato inci tara. Haɗin kwaɓi na zaɓi siminti ɗaya, yashi shida. Sai ga amsa ta fito tsaf a allo: kwaɓi lita 14.3 a kowane murabba'in mita, jimilla lita 860, bulo 555, siminti buhu huɗu. Da na nuna wa maginin, kallon wayar ya yi, ya kalle ni, ya ce, "Maigida, wanda ya rubuta wannan ya taɓa riƙe cokalin gini kuwa? Buhu ɗaya bulo hamsin yake ɗora min a inci tara, in an matsa sittin." A lissafin manhajar kuwa buhu ɗaya zai ɗora kusan bulo 140.

An fara aiki da buhu huɗun da ta ce. Katangar layi takwas ce. Ana shiga layi na huɗu lebura ya zazzage buhun ƙarshe, ya bubbuga gindinsa da shebur, shi ke nan. Ma'aikata suka koma inuwa, bulon da aka jiƙa ya bushe, kuɗin yininsu kuma bai ragu ba don siminti ya ƙare. Abin da ya fi ɓata min rai ma ba asarar ba ce. Lamba irin wannan haɗa mai gini da magini faɗa take yi. Mutum yana riƙe da waya tana ce masa huɗu, magini yana cewa a ƙaro shida, to me zai fara zuwa masa a rai in ba cewa ana karkatar da siminti ba? Ni a gabana aka kwaɓa komai, buhunan da aka zazzage ga su nan a jibge, shi ya sa maganar ba ta yi nisa ba. A wani wurin da tuni an kori bawan Allah da sunan ɓarawo.

Da aka gama na zauna da takarda da biro don in ga daga ina huɗun nan ta fito. A nan ne fushina ya ɗan sauka, don lissafin fuskar bango da ta yi ba shi da aibu. Ta ɗauka cewa kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo kaurinsa milimita 10 ne, a kwance da a tsaye. Idan haka ne, kowane bulo tare da rabonsa na kwaɓi yana cin fili 460 sau 235, wato bulo tara da kwata a murabba'in mita. Bulon kansu sun rufe kusan kashi 94 cikin ɗari na fuskar bangon, sauran kashi shida da ɗoriya kwaɓi ne. Ka ninka wannan ɗan filin da kaurin bango, milimita 225, sai ka samu lita 14 da ɗan wani abu. Daidai abin da ta faɗa. Matsalar ita ce ba ta taɓa tambayata kaurin kwaɓin ba. Gurbin canza shi yana nan, amma can cikin saituna aka binne shi, ƙarƙashin wani shafi da babu abin da zai kai ka wurin, kuma a shafin amsa ba a rubuta ko'ina cewa a kan milimita 10 aka yi lissafin ba.

Milimita 10 kuwa sai bulon da ya fito daga inji mai kyau, kowanne kansa ɗaya da ɗan'uwansa. Namu ba haka suke ba. Ka jera biyar a ƙasa, za ka ga wannan ya ɗara wancan, wani gefensa ya gutsure, wani ya ɗan karkace. Magini da kwaɓi yake cike wannan bambancin don layi ya bi igiya. Na ɗauki tef na auna layi huɗu daga ƙasan na farko zuwa ƙasan na biyar. Da kwaɓin milimita 10 ne, da na samu 940. Abin da na samu 980 ne, wato kowane layi 245, kwaɓi milimita 20 ke nan. Wannan awon ba ya cin minti ɗaya, kuma ya fi duk abin da ke cikin manhajar amfani. Da zarar kaurin ya koma 20, bulo a murabba'in mita ya sauka zuwa takwas da kashi biyu bisa uku, filin kwaɓi ya haura kashi 12 cikin ɗari, lita 14 ta zama 27. Ƙarin milimita goma kacal, wanda ido ma ba ya kamawa daga nesa, ya kusan ninka kwaɓin katanga gaba ɗaya. Akwai ma wata shaida da ta rage a filin: bulo kusan talatin sun yi saura daga cikin 555. Duk inda ka ga siminti ya yanke amma bulo ya yi rara, kwaɓi ne ya cinye gurbin bulon.

To da na gano gurbin na saka 20, ta ba ni lita 27 a murabba'in mita, jimilla kusan lita 1,630. Na ce madalla, ashe abar tana aiki, tsarinta ne kawai ba kyau. Har na fara tunanin in ba ta tauraro huɗu. Sai na dubi layin siminti, na ga buhu bakwai ta rubuta. Mu kuwa goma muka ci. Nan fa tsohon miki ya dawo.

Lita 1,630 ɗin nan jiƙaƙƙen kwaɓi ne, wanda ya riga ya zauna a bango. Ita kuwa manhajar sai ta raba shi kai tsaye gida bakwai, ta ce ɗaya siminti shida yashi, kamar kwano bakwai na busassun kaya suna ba da kwano bakwai na kwaɓi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan lebura yana kwaɓi ya san ba haka ba ne. A zuba yashi kwano shida, a ɗora siminti kwano ɗaya, a juya, tulin ma bai kai bakwai ba, saboda garin siminti shigewa yake yi cikin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. A zuba ruwa a sake juyawa, iskar da ke ciki ta fita, tulin ya ƙara zama. Abin da za a kwasa bai fi kwano biyar da rabi ba. Shi ya sa masu lissafin gini ke ninka jiƙaƙƙen kwaɓi da kusan 1.3 kafin su raba shi. Idan aka yi haka, lita 1,630 ta koma kusan 2,120 na busassun kaya. Kashi ɗaya bisa bakwai na wannan lita 303 ne na siminti, buhu mai kilo 50 kuma kusan lita 35 ne, ka ga buhu takwas da kashi biyu bisa uku ke nan. Ƙara kashi goma cikin ɗari na zuba, sai ga ka a tara da rabi da ɗoriya, wato goma. Bulo 520 a buhu goma, hamsin da biyu ke nan kowane buhu. Abin da maginin ya faɗa a tsaye, hannunsa ɗaya a aljihu.

Zubar ma ba ta san da ita ba. Babu gurbin da aka tambayi ko bulon mai rami ne ko cikakke. A takarda, bulo mai rami ya kamata ya ci ƙasa da cikakke, tunda kwaɓi a gefuna da tsakiyar bulon kaɗai yake zama. A fili kuwa na leƙa ramin wani bulo a layi na uku, na ga kwaɓi ya taru a ƙasa, guntu-guntu, wanda ya zame daga cokali lokacin shimfiɗawa da wanda ya matso ciki da aka danna bulon sama. Abin da aka rage ta nan ya tafi ta can, shi ya sa na bar lissafin a kan cikakken kauri. Layin farko kuma koyaushe ya fi sauran ci, don da shi ake daidaita tudu da kwarin harsashi. Ga wanda ya faɗi gindin bango, ga wanda ya sandare a baro lokacin hutu. Yashi ma ƙasa da abin da ake buƙata manhajar ta faɗa: kusan lita 2,000 muka buƙata, ita kuwa a amsarta ta farko ko 750 ba ta kai ba.

Abin da ya sa nake ganin kuskuren nan ya wuce na kuɗi shi ne yadda mutane ke rufe giɓin. Mai gini da ya yarda da wayarsa zai ce a yi maneji da abin da ke ƙasa, lebura kuma hanya ɗaya ya sani, ya ƙara yashi. Ɗaya da shida ta koma ɗaya da goma ba wanda ya ce a yi. Bayan mako biyu ka ja ƙusa a tsakanin bulo, sai ka ga kwaɓin yana zubowa kamar gari. Namu maginin bai yarda ba, ya ajiye cokali ya ce sai an kawo siminti, kuma na gode masa.

Na rubuta wa masu manhajar duk wannan, da awon layi huɗun da lissafin. Abu uku na roƙa: su fito da kaurin kwaɓi shafin farko, su saka ninkin busassun kaya, su ba da gurbin zuba. Amsar da ta zo layi biyu ce, wai lambobinsu na ƙiyasi ne, a tuntuɓi ƙwararre kafin saye. To in sai na tuntuɓi ƙwararre, kuɗin me na biya ku?

Ban goge ta ba dai. Tana cire gurbin ƙofa da taga da sauri, kuma idan ka ba ta kaurin kwaɓi na gaskiya, litar da take bayarwa a murabba'in mita da yawan bulo abin dogaro ne. Daga nan sai ka rufe ta, ka ninka da 1.3 da hannunka, ka ƙara kashi goma cikin ɗari, ka raba gida bakwai, rabon siminti kuma ka raba shi da lita 35 na buhu. Layin da ta rubuta buhunan siminti kuwa ko kallonsa kada ka yi.